Dariyar wadda kake sa wa hannu a logbuk

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne incaj a wani ƙaramin asibiti a ƙauye, nan ƙasar Jigawa. An turo mana ɗalibai firaktikal, akwai wata a cikinsu da ta kwanta min a rai, kuma aure nake nufi. Nakan tsokane ta in ce mata amarya, ta yi dariya. Na ɗan tura mata kati. Amma kwanan nan ba ta shigowa ofishina sai da ƙawarta, in na yi mata saƙo da dare kuma sai da safe take amsawa da 'to Oga'. Saura mako shida su gama. Kunya ce ko ba ta so? In fito fili in faɗa mata?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka faɗa mata yanzu. Tsokanar ma ka ajiye ta daga yau, har sai ta karɓi littafinta ta bar asibitin.

Na tsufa a wannan aiki, daga ɗakin awo zuwa ɗakin haihuwa, kuma ɗalibai da yawa sun ratsa ta hannuna. Abin da maza masu riƙe da asibiti ba sa gani shi ne yadda yarinya take kallon biron da ke aljihunsu. Wadda take karatun CHEW, wato aikin kula da lafiyar al'umma, shekara 3 take yi, JCHEW kuwa, matakin da ke ƙasa da shi, shekara 2, kuma duk wahalar nan ba ta cika sai an ga sa hannun mai kula da ita a logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da ta yi: ta yi awo, ta yi allurar rigakafi, ta auna yara, ta fita unguwanni. Kai ne mai sa hannun. Kai kake raba aiki, kai kake cewa wance ta zo ko ba ta zo ba, kuma in malamanta suka zo dubawa daga makaranta, kai za su fara tambaya. Mahaifinta ƙila riɗi ko ɗan rago ya kai kasuwar Gujungu ya sayar kafin ya haɗa kuɗin makarantar. To mutumin da duk wannan yake hannunsa in ya ce mata amarya, me za ta yi in ba dariya ba? In ta ɗaure fuska a ce ba ta da tarbiyya, ta raina na gaba da ita. Wadda take so dariya za ta yi, wadda ba ta so ma dariya za ta yi. Saboda haka dariyar ba ta gaya maka komai ba, kuma ba za ta gaya maka ba muddin tana ƙarƙashinka.

Abin da ya gaya maka wani abu shi ne canjin da ka gani. Budurwa mai kunya da take son mutum takan sunkuyar da kai, amma ba ta gudun wurin da yake. Za ka ga tana samun dalilin zuwa, tana tambayar abin da ta riga ta sani, hira tana ɗan tsawo da kanta. Wadda ta takura kuwa hanyoyi take toshewa ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi 'yar rakiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba. Ta aiko da littafinta ta hannun wata. Ta roƙi a mayar da ita ɗakin awo wajen mata. Ta ƙara girmama ka fiye da da, don girmamawar nan katanga ce take ginawa. Jinkirta amsa zuwa safiya kuma saƙo ne a fili, cewa dare ba lokacinka ba ne. Ni a gani na, yarinyar nan ta ba ka amsa da iyakar abin da matsayinta ya ba ta damar faɗa. Ko da a ce akwai so a ranta, tsoron abin da za a ce ya riga ya rinjaye shi, kuma tsoron nata yana kan hanya.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani asibiti da na zauna, ba zan kama suna ba. Incaj ɗinmu mutumin kirki ne, mai salla, kuma na tabbata shi ma aure yake nufi. Ya fara da irin wasan nan, "amaryata ta iso", a gaban mata suna jere kan benci da katin awo a hannu. Daga nan ranar fita rigakafi zuwa rugage sai ya riƙa sa sunanta tare da nasa, ya ɗauke ta a babur da akwatin ƙanƙarar allura a tsakaninsu. Babu abin da ya faru tsakaninsu, ni shaida ce, don ni take kawo wa kuka. Ta ce min, "Anti, in na ce ba zan hau ba, ya ce na ƙi aiki." Ranar awo mata ne daga ƙauyuka biyar ko shida suke haɗuwa, kowacce ta koma gida da labari. Kafin wata ya ƙare an daina kiran ta da sunanta, sai "ta likita". Saurayin da ake maganar kawo kuɗinsa ya janye. Yayanta ya zo da babur ya kwashe kayanta saura 'yan kwanaki su gama, littafinta bai cika ba, ba ta zauna jarrabawa da 'yan ajinta ba.

Abin bai tsaya a kanta ba. Magidanta suka fara cewa ba za su tura matansu inda likita yake neman 'yan mata ba. Bencin awon da yake cika ya koma saura 'yan tsiraru, wasu suka koma haihuwa a gida. Kwamitin asibiti ya kai magana wajen dagaci, dagaci ya kai sama, aka yi masa canjin wuri. Shi ya ci gaba da karɓar albashinsa a wani gari. Ita kuwa a garinsu ta zauna da sunan da aka laƙa mata. Abin da ya fi ci min rai shi ne wani dattijo da muka sha wahala kafin ya yarda 'yarsa ta tafi makarantar kiwon lafiya, da ya ji labarin sai ya fasa. Kai ka san yadda muke neman ma'aikata mata a ƙauyukan nan ruwa a jallo, ka san matan da ba za su taɓa yarda namiji ya duba su ba.

Shi ya sa nake cewa nauyin ba ɗaya ba ne. Kai abin da za ka rasa kaɗan ne, kuma yana dawowa. Ita abin da za ta rasa a ƙauye ba ya dawowa da sauƙi.

Ga yadda zan so ka yi da makonnin nan shida. Ka daina saƙon dare gaba ɗaya, maganar aiki a yi ta a zauren ɗalibai na WhatsApp inda kowa yake gani. Kati ya tsaya. Kada ka nemi bayani, kada ka ce "na ga kin canza", don wannan tambayar kanta matsi ce. In akwai babbar ma'aikaciya mace a wurin, ka miƙa mata kula da ɗalibai mata, ita ta riƙa duba aikinsu, kai ka sa hannu a na kowa lokaci ɗaya, ƙofa a buɗe. Wannan ma shi ya dace da addini, tunda an hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, kuma ofis mai rufaffiyar ƙofa keɓewa ce ko da sunan aiki. Sannan ka kula da ɗaya gefen: kada janyewar ta zama fushi. In ka daina amsa gaisuwarta, ko ka fara tsananta mata a kan makara, za ta ɗauka hukunci ne na ƙin ba ka fuska, sauran ɗalibai ma haka za su fassara. Ka yi mata yadda kake yi wa ƙawarta, babu ƙari babu ragi. Makin da ta cancanta shi za ka ba ta. In ka ƙara mata, ka ɗora mata bashi, kuma ka ba masu magana abin faɗa.

Idan sun gama, littafi ya koma makaranta, babu sauran takardar da take jira daga hannunka, ka ƙara ɗan lokaci. Ka fara bincike a natse ko akwai wanda aka yi wa alkawari, don ba a nema cikin nema. In babu, ka sami mace mai hankali da riƙon sirri, 'yar'uwarka ko wata dattijuwa da yarinyar take sakewa da ita, ta tambaye ta a keɓe. A gaya mata ƙarara cewa in ta ce a'a magana ta mutu a nan, ba wanda zai ji, kuma ba zai shafi neman aikinta ba gobe. Wannan sharaɗin ka riƙe shi da gaske, domin gobe tana iya dawowa neman aikin sa kai a ƙaramar hukumarku, a zo a tambaye ka halinta.

Kada ka fara da iyayenta kafin ka ji ta bakinta. Na san wasu a nan za su ce ai zuwa gida kai tsaye shi ne mutunci, amma a ƙauye in aka ce likita mai albashi ya aiko, iyaye da yawa za su amsa kafin su waiwayi yarinyar, ka ga ka sauya matsin ofis da matsin gida ke nan. In ta amince, sai manyanka su je neman izini, ka riƙa zuwa zance ƙofar gidansu kamar kowa, a kuma yi maganar ƙarasa karatunta tun kafin a sa rana. In ta ce a'a, ko ta ce "zan yi shawara" aka ji shiru, ka ɗauka a'a ce, kada ka sake aike.

Da a ce ɗan ajinsu ne ya yi wannan tambayar, da na sassauta, tunda ba ya riƙe da makinta. Zan ce masa ya faɗa sau ɗaya, a mutunce, ba a gaban abokai ba, ya kuma karɓi amsar da aka ba shi. Kai kuwa sai ka jira biron ya bar hannunka tukuna.

Ba ka faɗa mana ko kana da iyali ba. In akwai uwargida, ka tabbata daga bakinka za ta fara ji, ba daga bakin matan awo ba. Na ga inda mata ta zo har harabar asibiti da rana tsaka tana neman "wadda ake cewa", yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta ɓuya a ɗakin magani har aka tashi.