Rijiyar burtsatse a gonar haya

"Malam, hatsi nake sayarwa a Dawanau. An yi mini tayin hayar gona hekta 2 a fadama, shekara 3. Gonar gado ce, babban ɗan marigayi ne zai sa hannu. Ina so in haƙa rijiyar burtsatse ta naira 900,000, in sayi injin ban ruwa, in dasa mangwaro a gefe. In shiga?"

Alhaji, ka sayi injin, amma ka dakata da rijiya da mangwaro tukuna. Inji ranar da aka ce ka tashi sai ka ɗora shi a mota. Rijiya kuwa tana nan inda aka haƙa ta.

Ɗauko alƙalami mu raba kuɗin. Naira 900,000 a kan shekara 3, kowace shekara rijiyar na cin 300,000 daga ribarka kafin ka biya haya, iri, taki da mai. Da hayar ta shekara 10 ce, 90,000 ne kawai. Mangwaron aure ma sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya, wato daidai lokacin da za ka miƙa gonar. Kuma da wuya masu gona su yarda, domin a karkara dasa itace alama ce ta mai shirin cewa wurin nasa ne. Wannan lissafin ne ya sa mai aro da ɗan haya suka fi son takin zamani, wanda amfanin bana zai shanye, a kan takin gargajiya da ke gyara ƙasa shekara 2 ko 3. Kowa na tsoron ya gyara gona mai ita ya gani ya ce a ba shi abarsa, ko ya ƙara kuɗin haya.

Abin da ya fi damuna shi ne sa hannun mutum ɗaya. Gonar gadon da ba a raba ba ta dukan magada ce. Matar marigayi na da tumuninta, 'ya'ya mata na da rabin kason maza, kuma girman babban wa bai ba shi ikon ba da hayar kason kowa ba. Yawanci shiru ake yi har sai an ga tumatir ya yi kyau, sannan wata ƙanwa da ke aure a wani gari ta kai ƙara kotun shari'a tana neman a raba gado. In aka raba, rijiyarka na iya faɗawa a kason wanda bai taɓa yin magana da kai ba. Don haka ka tambaya ko an yi rabo, a nuna maka takardar kotu. In ba a yi ba, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, na nesa ya wakilta wani a rubuce, a gaban mai unguwa da dagaci. Ka kuma zagaya iyaka da maƙwabta, ka tabbatar gonar ba ta ci burtali ba kuma ba a jinginar da ita ga wani ba.

A cikin yarjejeniyar ka nemi shekara 8 zuwa 10, a rubuta kuɗin hayar kowace shekara tun yanzu, a ambaci rijiyar da sunanta. A rubuta cewa in aka karɓi gonar kafin wa'adi za a biya ka ragowar kuɗin rijiya gwargwadon shekarun da suka rage. Misali, a hayar shekara 10 in an tashe ka bayan 4, kana bin su 540,000. In sun ƙi wa'adi mai tsawo, ka nemi a riƙa cire kuɗin rijiyar daga haya, tunda su za ta zame wa dukiya. In wannan ma sun ƙi, ka buga ƙaramar rijiyar bututu mai arha irin ta fadama in ruwa na kusa, ka tsaya ga albasa, tumatir da masara, abin da za ka kwashe cikin wata 3 zuwa 4.

Wataƙila ka ce gara ka saya gaba ɗaya. Saye ya fi kwanciyar hankali, amma ka san abin da kake saye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kai haƙƙin zama da amfani kake riƙe. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan haƙƙi irin na gargajiya, kuma sauya hannu na buƙatar amincewarta. Takardar ciniki mai hatimin dagaci shaida ce mai amfani in rigima ta taso, sai dai yawancin bankuna ba sa karɓarta jingina, satifiket na gwamna suke nema. In kuma gwamnati ta karɓi gonar don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kai ce, wato amfanin gona, itatuwa da rijiya. Saboda haka ko haya ka yi ko saye, ka adana rasit ɗin mai haƙar rijiya da sunanka a kai, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa diyyar rijiya da shuka taka ce.