Ƙwayar ciwon ƙirji: me ya sa sai ƙarƙashin harshe?

"An ba Babanmu ƙwayar naitirogilisarin saboda ciwon ƙirji, aka ce ya riƙa sa ta ƙarƙashin harshe. In ya haɗiye da ruwa ba duk ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, hanta ce ta raba su. Duk ƙwayar da aka haɗiye, hanji ne ke tsotse ta, kuma jinin da ya taso daga hanji ba ya wucewa ko'ina sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta tukuna. A nan sinadaran hanta ke farfasa maganin tun bai zagaya jiki ba. Wasu magungunan kaɗan ake rage musu, amma naitirogilisarin kusan cinye shi take yi, abin da ke tsira bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ƙarƙashin harshe kuwa fatar siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyi, jininsu na gangarawa ta jijiyar wuya zuwa zuciya kai tsaye, hanta sai daga baya. Shi ya sa 'yar ƙwaya ta rabin miligiram ke fara aiki cikin minti 1 zuwa 3.

Sharaɗin da na koya wajen jinyar mahaifiyata shi ne yawu. In bakin Baba a bushe yake ƙwayar ba za ta narke ba, sai ya fara jiƙa shi da ruwa kaɗan. Kada ya tauna, kada ya yi ta haɗiyar yawu, don abin da ya haɗiye ya koma hannun hanta ke nan. Ya sa ta yana zaune, don tana kawo jiri. In ciwon bai lafa ba bayan minti 5, ku nufi asibiti.