Yadda ake gano kaka mafi kusa a bishiyar bincike

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kwamfuta ce a Kaduna. Yaya zan gano kaka mafi kusa na gaɓoɓi biyu a BST, wato bishiyar bincike mai rassa biyu-biyu, ba tare da na zagaye bishiyar duka ba?

Malama, tsarin bishiyar ne zai yi miki jagora: duk abin da ke hagun gaɓa ya gaza ta, na dama kuwa ya fi ta. Ki fara daga saiwa. In lambobin biyu duk sun gaza gaɓar da kike kai, ki yi hagu. In duk sun fi ta, ki yi dama. Inda suka rabu, ko ɗayarsu ta yi daidai da gaɓar, nan ne amsar.

A ce saiwa 20 ce, 8 na hagunta, 12 na daman 8, sannan 10 da 14 na ƙarƙashin 12. Kina neman na 10 da 14. Sun gaza 20, sai hagu. Sun fi 8, sai dama. A kan 12 suka raba hanya, ita ce kakar. Da 8 da 14 ne, a kan 8 za ki tsaya, don ana lissafa gaɓa cikin kakannin kanta.

Aikin bai wuce tsawon bishiyar ba. Amma ki kula sosai: in kika nemi 10 da 13, zai ba ki 12 alhali babu 13 a ciki, don haka ki fara tabbatar duka biyun suna nan.