Tallan abinci na wata guda ga mai yini a bakin murhu

"Malam, ina sayar da shinkafa da wake, ɗanwake da waina a wani ƙauye kusa da Wudil. Daga asuba zuwa la'asar ba na zama. Yaya zan tsara abin da zan riƙa ɗorawa a WhatsApp da Facebook na tsawon wata?"

Hajiya, kada ki ɗaura wa kanki ɗorawa kullum, ba za ki kai mako biyu ba. Kwana huɗu a mako sun wadatar, wato talla 16 a wata.

Ki zaɓi rana ɗaya a farkon wata ki ɗauki hotunan gaba ɗaya: kowane abinci hoto huɗu, ga 12 ke nan, sai gajerun bidiyo huɗu, kamar na juya waina a tanda ko zuba mai da yaji a kan ɗanwake. A inuwa za ki ɗauka, da hantsi, a faranti mai tsabta, bayan kin goge idon kyamarar da gefen mayafi. Wayar mai girki ba ta rabuwa da maiƙo, shi ke sa hoto ya fito da hazo.

Kada a rubuta farashi a jikin hoton. Wake na iya tashi kafin wata ya ƙare, hoton ya jawo miki gardama da mai saye. A ƙasansa za ki rubuta, layi biyu: abincin, kuɗinsa, da lokacin da zai sauka.

Litinin da Laraba abincin ranar. Alhamis da dare sanarwar gobe, tunda Juma'a ce kasuwar Wudil, direbobi da 'yan kasuwa na kan hanya. Asabar karɓar aikin biki da suna. A makon ƙarshe, lokacin albashin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, ki tallata faranti mai nama ko kifi.

Lokaci ya fi kyan hoto muhimmanci. In shinkafa na sauka ƙarfe 12, ki ɗora ƙarfe 11, kafin mutum ya yanke inda zai ci. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ki tura wa lambarki hotunan da rubutunsu tun ranar farko, kowace ranar talla ki tura ɗaya zuwa Status. Shafin kasuwanci na Facebook kuwa ana iya jera masa tallan wata guda a manhajar tsara talla ta Meta Business Suite, su riƙa fita da kansu. Amma in rasuwa ko biki ya hana ki girki, ki tuna ki cire na ranar, kada a zo a tarar da murhu a kashe.

Ki riƙa duba adadin masu kallo a ƙasan Status. In bai wuce mutum 20 ba, matsalar lamba ce: sai wanda kika ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki, yake gani. Ki rubuta lambarki a kwali a gaban rumfa, duk wanda ya yi miki magana ki ajiye tasa nan take.