Yadda Ake Rubuta Sanarwar Neman Ma'aikaci

"Maigida, wani mai shagon ɗinki a Fagge ya ba ni aikin rubuta masa sanarwar neman tela, na rubuta 'Ana neman ma'aikata, a tuntuɓe mu', amma ya ce duk waɗanda suka kira shi ba su iya aikin ba. Ina na kuskure?"

Ɗana, rubutun naka ya buɗe ƙofa ga kowa, don haka wanda ya ƙware bai ga abin da ya shafe shi a ciki ba. Ƙwararren tela yawanci yana da wurin da yake aiki, kuma ba zai bar kekensa ya kira lambar da ba ta faɗa masa irin ɗinkin da ake so da abin da za a biya shi ba. Saboda haka ka koma wurin mai shagon ka tambaye shi ainihin aikin, da ƙwarewar da ba zai karɓi ƙasa da ita ba, da yadda yake biya. Maganar kuɗi ce masu shago suka fi son ɓoyewa, amma ka dage a kanta, domin telan da ya saba karɓar kuɗinsa a kan kowace riga yana son ya yi lissafinsa tun kafin ya zo.

Da amsoshinsa za ka iya rubuta kamar haka: "Ana neman tela ɗaya a Fagge, Kano, wanda ya iya yanka da ɗinkin kaftani da babbar riga, kuma ya yi aƙalla shekara 3 yana aikin. Ana aiki daga Asabar zuwa Alhamis, ana biyan naira kaza a kan kowane kaftani, ana sallama duk ƙarshen mako. Mai buƙata ya turo sunansa da unguwarsu da hotunan ɗinki 3 na hannunsa ta WhatsApp zuwa lambar da ke ƙasa kafin ranar 15 ga Janairu. Za a kira waɗanda aka zaɓa su yi ɗinkin gwaji. Ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki."

Ka lura hanya ɗaya kawai na bayar. Idan ka ce a kira, ko a turo saƙo, ko a zo shago, masu nema za su rarrabu, mai shagon ya kasa kwatanta su. Hotunan kuwa su ne suke tace mutane, domin wanda bai iya ba da wuya ya turo. Jimlar ƙarshe ma kada ka cire ta, saboda 'yan damfara sun sa mutane tsoron sanarwar aiki.

Kafin ka buga, ka ba wani ya karanta. Idan ya tambaye ka ina ne wurin, ko me zai turo, ko yaushe ake rufewa, ka ƙara amsar a cikin rubutun, sannan ka kira lambar da kanka ka tabbatar tana shiga.