Al'adata ta ƙi tsayawa, marata kuma ta yi nauyi

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 36, al'adata tana kai kwana goma da gudaji, kuma ina jin nauyi a mara kamar na ɗauki ciki. An ce mini ƙarin mahaifa ne. Ko akwai wadda ta taɓa fama da wannan?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta saƙonki jikina ya yi sanyi, domin hanyar da kike kai ita na bi.

Kada ki tsaya a kan "an ce". Ki je a yi miki eko, wato hoton ciki, a kuma gwada yawan jininki. Ni a asibitin uwa da yaro na nan Maradi aka yi mini. Idan sakamako ya fito, kada ki tambayi girman ƙarin kawai, ki tambayi likita inda yake zaune, domin wurin zamansa ne ke nuna irin wahalar da zai ba ki. Nawa guda biyu ne. Ƙaramin, santimita 3, ya turo cikin ramin mahaifa inda jinin al'ada ke fitowa, kuma shi ne ya yi ta zubar mini da jini, saboda yana faɗaɗa wurin, yana kuma hana mahaifa matsewa yadda jini zai tsaya. Babban, santimita 8, yana ta waje yana danne mafitsara, shi ya sa nake tashi fitsari dare duka. Wanda ya zauna ta baya kuma hanji yake dannewa, sai bayan gida ya yi wuya.

Abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne wata mai maganin gargajiya da dangin maigidana suka kai ni wurinta. Ta shafa cikina ta ce ciki ne ya kwanta, ta yi ta ba ni jiƙe-jiƙe wai za ta tayar da shi, duk wata kuma sai ta karɓi kuɗi. Ina gaya mata jini ba ya tsayawa, tana cewa dattin mahaifa ne ke fita. Ta ga idanuna da tafin hannuna sun yi fari fat, ta ji ina haki daga ƙofar gida zuwa ɗakinta, amma ba ta taɓa cewa in je asibiti ba. Mutanen gida har barka suke yi mini. Ranar da na yanke jiki na faɗi a gidan suna, zanena ya ɓaci a gaban mata, aka kwashe ni zuwa asibiti, jinina ya sauka zuwa 6, alhali na mace bai kamata ya gaza 12 ba. Sai da aka yi mini ƙarin jini. Matar nan ko sannu ba ta aiko ba.

Kada ki ce sai jini ya wuce kwana goma sha biyar ya zama jinin ciwo. Wannan lissafin salla ne, ki bar shi ga malamarki. A wurin likita, al'adar da ta wuce kwana 7, ko canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko manyan gudaji, ta isa a duba. Idan kuma jiri ya haɗu da bugun zuciya, ko kika ga kina kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, to jininki ya yi ƙasa, kada ki jira wata mai zuwa.

Hankalinki ya kwanta, kusan kullum wannan ƙari ba kansa ba ne, tsoka ce ta mahaifa da ta dunƙule, kuma yakan ƙanƙance bayan mace ta daina al'ada. Sai dai ke da sauranki, shekara 36 ba ta zaman jira ba ce. Ni an fara ba ni taranekzamik asid, wanda ake sha a kwanakin zubar jini kawai. Yana rage jinin amma ba ya narkar da ƙarin, kuma ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, don haka kada ki saya a farmasi da kanki. Ƙwayar ƙarin jini kuma kada ki haɗa ta da shayi, yana hana ta shiga jiki. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne, ki ci gaba da sha kamar wata 3 bayan jinin ya dawo daidai.

Daga ƙarshe tiyata aka yi mini, aka cire ƙarin aka bar mahaifa. Ki gaya wa likita tun farko idan kina son haihuwa, domin aiki iri biyu ne: cire ƙari kaɗai, wanda wani zai iya sake tsirowa bayansa, da cire mahaifa gaba ɗaya, wanda ke rufe haihuwa. Ki tafi da maigidanki ya ji bayanin da kunnensa. Kuma idan kina ganin jini tsakanin al'ada ko bayan saduwa, ki faɗa, domin a duba bakin mahaifa ma, kada a ɗora komai a kan ƙarin.