Na saka doka a rauta, amma yaron yana shiga ko'ina

"Ina Kubwa a Abuja. Na saita rauta don tabulet ɗin ɗana ya buɗe shafuka uku kaɗai daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, amma jiya na same shi yana kallon bidiyo. Ina matsalar?"

Maman yaro, fara duba lambar `MAC`, domin da ita rauta ke gane na'ura. Tun daga Android 10, na'ura kan ƙirƙiri lambar bogi ga kowane sunan waifai. Idan rautarki tana da suna biyu, na `2.4G` da na `5G`, kin ɗaure lamba ɗaya ne, yaron ya koma ɗaya sunan da wata lambar, doka ba ta san shi ba. Gane ta bogi ba wuya: harafinta na biyu 2, 6, A ko E ne, kamar `DA:A1:19`. A tabulet ɗin, shiga saitin kowane suna, ki taɓa `Privacy`, ki zaɓi `Use device MAC`. Lambar da ta fito ita za ki ɗaura wa dokar shafuka ukun a rautar.

Sai agogon rautar. Najeriya `GMT+1` ce. Ni kaina na bar tawa a `GMT`, dokar ƙarfe 4 sai 5 take kamawa, na kwana biyu ina zargin 'yata a banza. Kunna `NTP` kuma, wato mai saita agogo daga intanet, don wasu rautoci kan manta lokaci in an ɗauke wuta.

In akwai layin waya mai data a tabulet ɗin, cire shi, domin ba ya bi ta rauta.